Saƙonnina sun maƙale a kan "Waiting for this message" bayan na sake saka WhatsApp

*Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp. Wayata ta faɗa ruwa ranar Litinin da la'asar, sai Alhamis na karɓo ta daga wajen gyara, an goge komai na cikinta. Na sake saka WhatsApp da layina, tsofaffin hirarraki sun dawo, amma saƙonni da yawa sun ƙi buɗewa, sai rubutun "Waiting for this message. This may take a while." Wasu sun buɗe da kansu, wasu har yau Asabar shiru, musamman a guruf ɗinmu na adashe. An ce in goge in sake sakawa. In yi? Ko kutse aka yi mini?*

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki goge. In kika goge kika sake sakawa yau, duk wanda ya turo miki saƙo a tsakanin gogewar da sakawar zai shiga sahun masu jiran, kuma saƙonnin da kika karɓa tun Alhamis za su iya salwanta in ba su shiga ajiya ba. Babu kuma alamar kutse a abin da kika bayyana. Haka manhajar take yi a duk lokacin da aka share ta daga waya alhali akwai saƙonni a hanya.

Saƙon da kike gani a haka ya riga ya iso wayarki. Ba a hanya yake ba, ba kuma ƙarancin data ko raunin sabis ɗinki ne ya riƙe shi ba. Ya iso a kulle ne, kuma makullin da zai buɗe shi ya tafi tare da abin da aka goge a wajen gyara.

Tun watan Afrilun 2016 WhatsApp ke kulle kowane saƙo daga wayar mai turawa har zuwa wayar mai karɓa, da tsarin da aka aro daga masu manhajar Signal. Ranar da kika fara saka manhajar, wayarki ta ƙera wa kanta makullai. Kowane makulli tagwaye ne: akwai ɓangaren da ake rabawa jama'a, akwai ɓangaren sirri da ba ya barin wayar. Ki ɗauki na rabawar kamar buɗaɗɗen kwaɗo, na sirrin kuma shi ne ɗan makullin da ke ɗaure a bakin zaninki. Wayarki ta kai tarin kwaɗunan nan ta ajiye a sabar kamfanin, wato babbar kwamfutarsa da duk saƙonni ke bi ta cikinta. Duk wanda zai fara yi miki magana, wayarsa za ta karɓi kwaɗo daga can, ta zuba saƙo a akwati ta datse, ta miƙa wa saba. Saba kuwa aikinta na ɗan kamasho ne a tasha: ta san daga wa kaya suka fito, ta san wa za a ba, amma ba ta da abin buɗe akwatin.

Daga wannan gaisuwar farko wayoyin biyu ke ƙulla wani sirri a tsakaninsu, daga cikinsa suke fitar da sabon makulli ga kowane saƙo. Saƙo ɗaya, makulli ɗaya, ana amfani da shi a jefar. Wannan ya sa kowace waya take riƙe da lissafin inda aka kwana da kowane mutum: da dilanki na Kantin Kwari an kai makulli na kaza, da ƙanwarki an kai na kaza. Lissafin nan da babban makullinki na shaida suna zaune ne a cikin ma'ajiyar manhajar a kan wayar. Idan aka cire manhajar, ko aka yi wa waya filashin, ko aka danna Clear data a saitin Android, duka sun tafi. Sabuwar sakawa sabbin makullai take ƙerawa, ko da layin bai canza ba, ko da wayar ita ce dai ta da. A idon sauran wayoyi, lambarki ce amma sabuwar ƙofa ce.

Za ki ce ai hirarrakinki sun dawo daga ajiya, me ya hana makullan dawowa? Ajiyar da ke Google Drive ko iCloud tarihin hira take ɗauka, wato saƙonnin da wayarki ta riga ta buɗe ta adana. Ba ta mayar miki da makullin shaidarki na da, ba ta mayar da lissafin da ke tsakaninki da mutane. Ni a ganina daidai aka yi. Da ajiya na ɗauke da su, duk wanda ya samu shiga asusunki na Google zai iya zama ke sak, ba tare da wayar kowa ta lura an yi canji ba.

To, mu bi kwanakin nan naki ɗaya bayan ɗaya, don saƙonninki ba hali ɗaya suke ciki ba.

A Android manhajar takan yi ajiyarta ta kullum wajen ƙarfe biyu na dare. In ajiyarki ta Google Drive a kan kullum kika saita ta, kuma ajiyar ta samu hawa a daren, to ta ƙarshe ita ce ta daren Lahadi wayewar Litinin. Duk abin da ya shigo kafin nan ya dawo lafiya, shi ne tsofaffin hirarrakin da kike gani. Saƙonnin da suka shigo daga asubar Litinin zuwa la'asar da wayar ta faɗa ruwa, waɗannan su ne asarar da ba ki tambaya a kanta ba, kuma sun fi masu jiran haɗari. Tsohuwar manhajar ta karɓe su ta buɗe, masu turawa sun ga tik biyu, saba ta share kwafinta, ajiya kuma ba ta kai gare su ba. Ba za su fito da rubutun jira ba. Ba za su fito ko kaɗan ba. In wata ta yi odar turmi uku da hantsin Litinin, babu abin da zai tuna miki sai ƙwaƙwalwarki ko ita da kanta.

Masu rubutun jiran su ne waɗanda aka turo daga la'asar ɗin Litinin zuwa lokacin da kika kammala rajista ranar Alhamis. A ce dilanki ya turo hoton sabbin kaya da farashi ranar Talata da safe. Wayarsa ba ta san komai ya faru ba, sai ta kulle saƙon da makulli na gaba a tsohon lissafinku ta miƙa. Saba ta neme ki ba ta same ki ba, ta ajiye akwatin a kulle. Takan riƙe irin wannan har kwana 30 kafin ta zubar. Shi kuma yana ganin tik ɗaya. Ranar Alhamis da kika shigar da lamba shida ɗin da aka turo miki kika hau, saba ta sauke miki duk akwatunan da suka taru. Sabuwar manhajar ta gwada buɗe na dilan, lissafin da aka kulle shi da shi babu shi a wajenta. Sunan mai turawa da lokacin turawa suna rubuce a bayan akwatin, shi ya sa ta iya ajiye gurbin a daidai wurinsa cikin hirar, da ranar Talata a kansa. Abin da ke ciki ne ba ta sani ba, har ma ba za ki iya gane ko rubutu ne, ko hoto, ko saƙon murya ba. Hoto da murya ana ɗora su ne daban a kulle, makullinsu da adireshinsu kuma suna cikin wannan ƙaramin saƙon da ya ƙi buɗewa.

A daidai lokacin, ba tare da kin taɓa komai ba, wayarki ta aika wa wayar dilan wata 'yar takarda ta bayan fage: saƙo mai lamba kaza bai buɗu ba, ga sabbin kwaɗunana, a sake turowa. Jiran da rubutun yake faɗa, jiran amsar wannan takarda ne. Saba ba za ta iya amsawa ba, domin kullallen akwati kawai ta taɓa riƙewa. Wuri ɗaya tak ne a duniya ke da buɗaɗɗen saƙon, wato wayar wanda ya rubuta shi. Sai ta hau intanet ta karɓi takardar, ta duba ta ga har yanzu saƙon na cikinta, ta ƙulla sabon lissafi da sabuwar manhajarki, ta sake kullewa ta turo. Da ya iso, rubutun jiran zai rikiɗe ya koma ainihin saƙon a gurbinsa na ranar Talata. Saboda haka ki riƙa komawa sama kina dubawa, kada ki zuba ido a ƙasan hira kina jiran sabon saƙo.

Daga nan za ki gane dalilin da wasu suka buɗe nan take wasu suka ƙi. Dila mai shago wanda datarsa ke kunne dare da rana, wayarsa ta amsa cikin daƙiƙoƙi, wataƙila ma ba ki ankara da nasa ya taɓa maƙalewa ba. Kwastomar da ke kunna data sai za ta duba saƙo ta kashe, nata sai ranar da ta kunna. Gwaggo a ƙauye da ke hawa WhatsApp ranar kasuwa in an kai wayar caji, nata sai ranar kasuwa. Akwai kuma waɗanda datarsu ke kunne amma wayar ta hana manhajar aiki a bayan fage don tattalin batir ko data. Irin waɗannan sai sun buɗe WhatsApp ɗin da hannunsu, ya ɗan zauna a buɗe, kafin takardar ta samu shiga. Ba lallai ne ku hau a lokaci guda ba. Abin da ake bukata shi ne su hau bayan wayarki ta nemi a sake turowa, ke ma ki hau bayan sun turo.

Kina iya tabbatar da wannan da kanki. Kira ɗaya daga cikin waɗanda nasu ya maƙale, ki ce ta duba saƙon da ta turo miki ranar Laraba. In tik ɗaya ne a kansa, yana cikin waɗanda ake iya sake turowa, kuma da zarar ta buɗe manhajar da data mai kyau ya kamata ya wuce. An gina tsarin ne yadda saƙon da ya riga ya samu tik biyu ba a sake neman wayar mai turawa ta kulle shi da wani sabon makulli. Wannan shinge ne da gangan: ba don shi ba, wanda ya ƙwace layin mutum zai iya sa wayoyin abokansa su juye masa duk tsofaffin hirarraki. A watan Janairun 2017 an yi ta muhawara a kan wannan ɗabi'ar ta sake kulle saƙon da bai isa ba kai tsaye, ba tare da an tsaya tambayar mai turawa ba. Wasu suka kira ta ƙofar baya, masana tsaro da yawa suka ce zaɓi ne aka yi tsakanin tsananta tsaro da kada saƙonnin mutane su riƙa ɓata duk sanda aka canza waya. Ke yanzu amfanin wannan zaɓin kike ci.

Guruf ɗin adashe shi ya fi wahala, kuma da dalili. A guruf, waya ba ta kulle saƙo sau hamsin don mutum hamsin. Kowane ɗan guruf yana da nasa makullin turawa na wannan guruf ɗin, wanda ya raba wa sauran ɗaya bayan ɗaya ta hanyar lissafin da ke tsakaninsa da kowannensu. Bayan nan in zai yi magana, sau ɗaya yake kullewa, saba ta rarraba wa kowa kwafi. In ku talatin ne a adashen, tsohuwar manhajarki na riƙe da makullan turawa na sauran ashirin da tara, gwargwadon waɗanda suka taɓa yin magana. Duka sun tafi rana ɗaya. Yanzu kowace mace sai wayarta ta ƙulla sabon lissafi da taki, ta ba ki makullinta, sannan maganarta ta buɗu. Shi ya sa guruf ɗin yake kama da haƙoran tsohuwa: na uwar adashe ya fito, biyu na ƙasa da shi giɓi, amsar da aka ba su kuma ta fito, kina karanta "to na gani, Allah ya sa albarka" ba ki san me aka gani ba. Babu wanda zai iya buɗe miki na wata, ko da shugabar guruf ce, domin kowane saƙo wayar mai shi kaɗai ake nema. Amma tun da sauran matan sun karɓa lafiya, hanya mafi sauri ita ce ki roƙi ɗaya ta tura miki duk abin da aka yi daga Litinin zuwa Alhamis ta hirarku ta ku biyu. Wannan sabon saƙo ne daga wayarta, da sabon makulli, ba ruwansa da masu jiran.

Akwai waɗanda ba za su taɓa buɗewa ba, gara ki sani tun yanzu. In mai turawa ta goge saƙon ko ta share hirar gaba ɗaya daga wayarta, takardarki za ta isa ta tarar babu abin da za a sake kullewa. Haka in ita ma ta canza waya ko ta sake saka manhajar ba tare da saƙon ya bi ta ba, ko wayar ta ɓata. Haka in hirar tana kan saƙonni masu ɓacewa na awa 24 kuma wa'adin ya cika a wajenta kafin ta hau. Masu amfani da jabun manhajoji irin su GBWhatsApp ma ba a dogara da wayarsu ta amsa takardar yadda ya kamata, tun da ba kamfanin ne ya gina su ba kuma sukan kasance a baya wajen sabuntawa. Ma'aunin da nake ba mutane mai sauƙi ne. In mutum ya turo miki sabon saƙo ya buɗu lafiya, amma tsohon nasa na nan da rubutun jira bayan kwana ɗaya ko biyu, sabon lissafinku ya ƙullu ke nan, tsohon kuma kada ki ƙara sa rai da shi. Ki ce ya kwafa ya sake turowa. In kuwa har sabbin saƙonninsa ma suna maƙalewa, to ku duka biyu ku shiga Play Store ku sabunta manhajar, ku kashe waya ku kunna, sannan ke ki fara tura masa saƙo. Saƙon da ya fito daga wajenki yakan tilasta wa wayoyin biyu su yi sabuwar gaisuwa.

Tun da harkar kuɗi kike yi, kada ki tsaya jiran gurbin da kike zaton rasidin biya ne. Duba asusunki na banki, ki kira mai shi.

Game da tsoron kutse, ga inda ya kamata ki sa ido. Waɗanda suka kunna Show security notifications a ƙarƙashin Settings, Account, Security notifications sun ga wani rubutu a hirarku ranar Alhamis, mai cewa "Your security code with" sunanki "changed". Sakamakon sabbin makullanki ne, ba wani abu ba. Sai dai irin wannan rubutun ne kuma yake fitowa idan ɓarawo ya yaudari mutum ya karɓi lamba shida ɗin rajista ya hau layinsa a wata waya, domin a wajen tsarin duka biyun abu ɗaya ne: lamba ta koma sabuwar ƙofa. Bambancin yana wajenki. Wanda aka ƙwace wa asusu, manhajar fitar da shi take yi ta ce an yi rajistar lambarsa a wata waya. Ke kuwa kina ciki, kina turawa kina karɓa. In kina son ƙarin natsuwa da wani babban abokin ciniki, ku buɗe bayanan juna ku shiga Encryption. Za ku ga lamba mai alƙaluma 60 da hoton da ake ɗauka da kyamara. In naku sun zo ɗaya, babu kowa a tsakaninku. Ki kuma kunna Two-step verification, wato ƙarin lambar sirri da ake nema kafin a yi rajista da layinki, in ba ki yi ba. Kwastomar da ta ga lambar tsaronki ta canza sannan aka turo mata lambar asusun banki, in ta kira ki don ta ji muryarki kafin ta tura kuɗi, kada ki ji haushi, ta yi hankali.

In kina amfani da WhatsApp a kwamfuta ko wata waya ta biyu, sai kin sake haɗa su ta Linked devices. Kowace na'ura cikin huɗun da aka yarda a haɗa tana da nata makullan daban, kuma babban makullin wayarki ne ya tsaya mata shaida. Da ya canza, shaidar ta faɗi. A can rubutun yakan zo da ɗan bambanci, "Waiting for this message. Check your phone.", ma'ana saƙon bai buɗu a kwamfutar ba amma wataƙila ya buɗu a wayar.

Wani kullen kuma da ake rikita shi da wannan shi ne na ajiyar kanta. Tun 2021 akwai zaɓin End-to-end encrypted backup, inda ake kulle ajiyar da kalmar sirri ko da makulli mai alƙaluma 64. Wanda ya kunna shi ya manta kalmar, sannan wayar ta tafi, ba rubutun jira zai gani ba. Tun a wajen dawo da hira za a tsayar da shi a nemi kalmar, kuma babu wayar wani da za ta cece shi, kamfanin ma ba shi da kwafi. Ke kin tsallake wannan tun da hirarrakinki sun dawo, amma ki shiga Settings, Chats, Chat backup ki ga ko a kunne yake, ki kuma ga kwanan watan ajiya ta ƙarshe.

Nan gaba in canjin waya na ganin dama ne ba na tsautsayi ba, kusan duk wannan ana kauce masa. Ki kunna data a tsohuwar wayar ki bar ta har duk abin da ke hanya ya sauka ya buɗu, ki danna Back up da hannunki ki jira ya kai ƙarshe, sannan nan take ki yi rajista a sabuwar. Tazarar da ke tsakanin mutuwar tsohon makulli da haihuwar sabo ita ce ke tara masu jira. Taki ta kai kusan kwana uku, wadda aka shirya ba ta wuce 'yan mintoci, musamman in an yi ta da dare lokacin da kasuwa ta lafa. In kuma manhajar ce ke yi miki nauyi har wani ya ce a share, Clear cache ba ya taɓa makullai, Clear data ko Clear storage kuwa daidai yake da gogewa.

Na yau dai, ki bi hirarrakin ki rubuta sunayen waɗanda gurbinsu bai cika ba, ki tura wa kowa gajeren saƙo cewa wayarki ta samu matsala daga Litinin zuwa Alhamis, su sake turo abin da suka aiko a kwanakin. Ki haɗa har da safiyar Litinin a cikin roƙon, ki kuma sa shi a Status saboda waɗanda nasu bai bar ko gurbi ba.